Tsarin Gwajin Sauyin Yanayi na Kulle Asusu Bayan Kuskuren Lambar Sirri a Layin Wayar Banki

Zuwa ga Shugaban Sashen Tabbatar da Ingancin Manhaja

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ga tsarin gwajin da ka umarce ni in shirya a kan layin da masu asusu suke kira su ji kuɗin da ya rage musu ko su tura kuɗi ta hanyar danna madannan waya. Wannan takarda ta taƙaita ne ga ɓangaren tantance mai kira, wato daga lokacin da na'ura ta karɓi lambar asusunsa zuwa lokacin da ta buɗe masa hanya ko ta kulle asusun. Na bi dabarar gwajin sauyin yanayi, wadda take cikin dabarun da ƙa'idar ISO/IEC/IEEE 29119-4 ta bayyana, domin a nan abin da na'ura za ta yi da lambar da aka danna ya dogara ne ga abin da ya riga ya faru kafin a danna ta.

Abin da takardar buƙatu ta tanada

Lambar sirri alƙaluma huɗu ce. Idan an yi kuskure sau uku a jere, a kulle asusun, a tura wa mai shi saƙon tes, kuma ba mai buɗewa sai ma'aikacin reshe bayan ya ga katin shaida. Idan an shigar da lambar daidai kafin kuskure na uku, ƙidayar kuskure ta koma sifili. Idan mai kira ya yi shiru na daƙiƙa 15, na'ura ta katse kiran ba tare da ta lissafa shirun a matsayin kuskure ba.

Takardar ba ta faɗi inda ƙidayar take zaune ba, kuma a ganina wannan ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Na gina tsarin a kan cewa ƙidayar ta asusu ce, tana nan daram ko da kira ya yanke. Alƙaluma huɗu suna ba da lambobi 10,000, saboda haka wanda ya tsinci wayar wani yana da dama uku kacal cikin 10,000 muddin kullen yana aiki. Amma idan ƙidayar tana mutuwa tare da kira, to sai ya gwada biyu ya kashe waya, ya sake kira ya gwada wasu biyu, kuma kira 5,000 ya ishe shi ya ƙare lambobin duka ba tare da asusun ya taɓa kulluwa ba. A zahiri ba zai buƙaci ko kusa da haka ba, tun da mutane da yawa shekarar haihuwarsu suke sawa ko 1234, kuma wanda yake neman kuɗin sau da yawa ya san shekarar.

Yanayi da sauye-sauye

Yanayi shida ne: `IDLE` babu kira a kan layi, `TRY1` da `TRY2` da `TRY3` ana jiran lamba a karo na ɗaya ko na biyu ko na uku, `AUTH` an tantance mai kira, sai `LOCKED` asusu a kulle. Abubuwan da suke motsa na'urar su ma shida ne: `CALL` shigowar kira, `PIN_OK` lamba daidai, `PIN_BAD` lambar kuskure, `TIMEOUT` shirun daƙiƙa 15, `HANGUP` kashe waya, sai `UNLOCK` buɗe asusu daga reshe. Harafin `n` yana wakiltar ƙidayar kuskure, wato filin `fail_count` na ma'ajiyar bayanai.

```
T1-3    IDLE   CALL [n=0|1|2] -> TRY1|TRY2|TRY3
T4      TRY1   PIN_OK   -> AUTH    n=0
T5      TRY1   PIN_BAD  -> TRY2    n=1
T6      TRY2   PIN_OK   -> AUTH    n=0
T7      TRY2   PIN_BAD  -> TRY3    n=2
T8      TRY3   PIN_OK   -> AUTH    n=0
T9      TRY3   PIN_BAD  -> LOCKED  n=3
T10-12  TRY1|2|3 HANGUP  -> IDLE
T13-15  TRY1|2|3 TIMEOUT -> IDLE
T16-17  AUTH   HANGUP|TIMEOUT -> IDLE
T18-19  LOCKED CALL|HANGUP    -> LOCKED
T20     LOCKED UNLOCK   -> IDLE    n=0
```

Yanayi shida sau abubuwa shida sun ba da gurbi 36. Sauye-sauye 20 da suke sama sun cike gurbi 18, saboda gurbin `IDLE` da `CALL` shi kaɗai ya ɗauki uku, ragowar gurbi 18 kuwa su ne waɗanda bai kamata su faru ba, kuma zan dawo kansu.

Gwaje-gwajen da suka ratsa kowane sauyi

Kowane gwaji zai fara da asusun gwaji wanda `fail_count` ɗinsa sifili ne, lambar sirrinsa 4826, lambar kuskure kuma 1111. Bayan kowane mataki mai gwaji zai saurari abin da muryar ta faɗa, sannan ya buɗe ma'ajiya ya karanta ƙidayar da idonsa, domin murya tana iya cewa saura dama ɗaya alhali abin da aka rubuta a ciki daban ne.

Gwaji na ɗaya shi ne hanya miƙaƙƙiya: a kira, a danna 4826, a ji jerin ayyuka, a kashe waya, wato T1, T4, T16. Gwaji na biyu a yi kuskure sau ɗaya, a gyara, a yi shiru har na'ura ta katse, sannan a sake kira a tabbatar an sauka a `TRY1`, wato T1, T5, T6, T17, T1. Gwaji na uku a danna 1111 sau uku a kira ɗaya, a tabbatar saƙon tes ya shigo sau ɗaya tak, a kashe waya, a sake kira a ji sanarwar kulle, sannan a buɗe asusun daga allon ma'aikacin reshe a sake kira, wato T1, T5, T7, T9, T19, T18, T20, T1.

Gwaji na huɗu shi ne wanda nake roƙon kada a tsallake ko da lokaci ya ƙure. A kira, a yi kuskure ɗaya, a kashe waya. A sake kira, kuma dole muryar ta ce saura dama biyu tun kafin a danna komai. A yi kuskure na biyu, a kashe waya. A kira karo na uku, daga wata wayar daban idan tsarin ya yarda da haka, a yi kuskure na uku, kuma nan take asusun ya kulle. Jerin shi ne T1, T5, T11, T2, T7, T12, T3, T9. A wani wuri da na taɓa yin aiki mun gwada kulle a kira ɗaya, ya yi daidai, muka sa hannu muka wuce. Sai bayan an saki manhajar wata dattijuwa ta zo reshe riƙe da wayarta, tana nuna saƙonnin cire kuɗin da ba ita ta yi ba, aka duba rajistar kira aka tarar an yi ta kiran layin a kan asusunta dare bayan dare, kowane kira kuskure biyu sai a kashe. Ƙidayar ashe a cikin zaman kiran aka ajiye ta. Ni ne na rubuta gwajin da bai kama wannan ba, kuma har yau abin yana damuna.

Gwaji na biyar ya bi irin wannan hanya amma da shiru a maimakon kashe waya, ban da sau ɗaya da za a kashe a `TRY1`, ya ƙare da lamba daidai a dama ta ƙarshe: T1, T13, T1, T10, T1, T5, T14, T2, T7, T15, T3, T8. Da waɗannan biyar an taka kowane ɗaya daga cikin sauye-sauye 20 aƙalla sau ɗaya. Ban nemi a ratsa duk jerin sauyi biyu a jere ba, domin yawancinsu maimaici ne, amma na zaɓo waɗanda suke ketare iyakar kira, irin su T11 sai T2 da T12 sai T3, tun da a wannan gaɓar ce bayani yake ɓacewa.

Guraben da babu komai a ciki

Daga cikin gurbi 18 da suka rage, huɗu ne suka cancanci a kashe musu lokaci. Biyu na farko su ne `PIN_OK` da `PIN_BAD` a yanayin `LOCKED`. Bai kamata na'ura ta ma nemi lamba daga asusun da yake kulle ba, kuma idan mai kira ya danna 4826 a tsakiyar sanarwa, amsar ta zama iri ɗaya da wadda zai ji idan ya danna 1111, kalma da kalma, kuma ba tare da wani bambancin jinkiri ba, domin ko ɗan bambanci ya isa ya gaya wa ɓarawo ya dace da lambar, sai ya jira a buɗe.

Na uku shi ne `CALL` a yanayin `TRY3`, wato kira na biyu ya shigo a kan asusu ɗaya alhali na farko yana kan layi. Masu gwaji biyu za su zauna kusa da juna, kowa da wayarsa, su danna alƙalami na ƙarshe a tare. Idan kowane kira ya karanta `n=2` kafin ɗaya ya rubuta uku, an ba da dama huɗu ke nan a maimakon uku, kuma wanda ya buɗe layi goma ya samu fiye da haka. Saboda hannun mutum ba ya saita lokaci daidai, a maimaita wannan sau 30 da na'urar kwaikwayon kira. Na huɗu shi ne `UNLOCK` a kan asusun da ba a kulle ba, inda ake so allon ma'aikaci ya ƙi umarnin, ƙidayar kuma ta tsaya yadda take.

Akwai abubuwa biyu da jadawalin ba ya nunawa amma suna cikin aikin. A danna lambar kuskure a kashe waya da zarar muryar ta fara magana, a duba ko ƙidayar ta ƙaru, domin dole a rubuta kuskure kafin a sanar da shi. Haka kuma a sake kunna sabar kira alhali asusu yana da `n=2`, a tabbatar kira na gaba ya sauka a `TRY3`. A duk gwaje-gwajen nan a binciki rajistar na'ura a tabbatar ba a rubuta 4826 ko 1111 a fili ba.

Abin da yake jiran hukuncinka

Takardar buƙatu ta yi shiru a kan lambar da ta iso da alƙaluma uku kawai. Inda sabis ba shi da ƙarfi sautin madanni ɗaya yana iya ɓacewa a hanya, sai mai asusu ya danna huɗu na'ura ta ji uku, kuma idan aka lissafa masa wannan a matsayin kuskure za a kulle mutumin da bai yi laifin komai ba, wanda wataƙila reshe mafi kusa da shi tafiyar rabin yini ce. Shawarata ita ce kada a lissafa, tun da lamba mai alƙaluma uku ba ta kaiwa ga kwatantawa da lambar sirri, amma a katse kiran idan hakan ya faru sau uku. Idan ka amince, za a ƙara abu na bakwai mai suna `PIN_SHORT`, guraben su zama 42, in gyara jadawalin kafin ranar Alhamis.

Za a ɗauki gwajin ya kammala idan an ratsa sauye-sauye 20 duka, an gwada guraben nan huɗu da ƙarin abubuwa biyun, kuma babu wata matsala da ta rage a buɗe wadda take ba mai kira dama ta huɗu. Idan aka samu irin wannan ko guda ɗaya ce, ina ba da shawarar a dakatar da sakin manhajar har sai an gyara an kuma sake gudanar da gwaji na uku da na huɗu daga farko.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Daga mai tsara gwaji, ɓangaren hidimar waya