Tsarin Kasuwanci: Faɗaɗa Gonar Kajin Ƙwai daga 300 zuwa 1,000

Zuwa ga Manajan Sashen Rancen Noma

Abin da nake nema

Ina neman rancen wata 24 domin in ƙara kaji 700 masu shirin fara ƙwai a kan 300 da nake da su. Ina roƙon a ɗaga mini wata 3 na farko, sannan in biya a cikin wata 21 da suka rage. Adadin kuɗin yana kan fom ɗin neman rancen da na haɗa da wannan takarda. A nan kuwa na yi duk lissafina da kiret ɗin ƙwai mai ɗaukar 30, domin farashin ƙwai da na abincin kaji ba sa zama wuri ɗaya, kuma lissafin da aka yi da kuɗi yau yana iya tsufa kafin takarda ta iso teburinku. Abin da ke nuna ko gona za ta biya bashi shi ne kiret nawa ke sayen buhu ɗaya na abinci. A farashin ranar da na cike fom, rancen ya yi daidai da kiret 1,800.

Gonar da mai ita

Shekara 3 ke nan ina kiwon kajin ƙwai a filin da na mallaka, mai rijiya da katanga. Na yi wa sana'ar rajista, tana da asusunta a wannan banki, kuma duk cinikin ƙwai ta nan yake shiga. Ina da littafin da nake rubuta ƙwan kowace rana, da abincin da aka ci, da kazar da ta mutu, da maganin da aka bayar. Kajin da ke ƙasa yanzu jajaye ne, makonsu 40, suna ba ni kiret 8 a rana, wato kashi 80 cikin 100. Ni nake kula da su da kaina tare da ma'aikaci ɗaya, kuma likitan dabbobi yana zuwa sau ɗaya a wata.

Sabon ɗakin kajin na riga na gama shi da kuɗina. Faɗinsa murabba'in mita 140 ne, kaza 5 a kowane mita, a kan shimfiɗar garin katako. Ya ci mini kimanin kiret 900. Ba a cikin rancen yake ba, na ambace shi ne don a san abin da na riga na zuba.

Masu saye

Kasuwa ce ta sa na nemi faɗaɗawa. Masu shaguna huɗu da gidan burodi ɗaya ne ke kwashe kiret 8 ɗin nan kullum, kuma sau da yawa kafin rana ta yi tsaka babu saura. Gidan burodin ya ba ni takardar cewa zai ɗauki kiret 10 a rana idan na iya samarwa. Wata makarantar kwana tana son kiret 30 a mako lokacin karatu, ita ma ta rubuto. Ragowar zai tafi ga shagunan da kuma dillali ɗaya, wanda yake saye da ɗan rangwame amma yana biya nan take. Ba na bayar da bashin da ya wuce kwana 7, kuma ba zan bar mai saye ɗaya ya riƙe fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙwan gonar ba, domin ranar da ya juya baya ƙwai ba ya jira.

Inda kuɗin za su tafi

- Kaji 700 'yan mako 16, kowace a kan kiret 2: kiret 1,400
- Abincinsu na mako 8 na farko, kimanin buhu 157 mai kilo 25: kiret 470
- Mazubin abinci da na ruwa, akwatunan saka ƙwai, tankin ruwa da fitilun sola: kiret 230
- Rigakafi da magunguna: kiret 50
- Ajiyar ko-ta-kwana: kiret 50

Jimilla kiret 2,200. Zan sa 400 daga ajiyata, banki ya ba da 1,800. Na yarda a biya mai sayar da kajin da kamfanin abincin kai tsaye, ba sai kuɗin sun bi ta hannuna ba.

Na zaɓi 'yan mako 16 a kan 'yan tsakin kwana ɗaya duk da sun fi tsada. Ɗan tsako sai ya ci abinci wajen wata huɗu da rabi kafin a ga ƙwai ɗaya, kuma a makonnin farko ne aka fi asara. Wanda yake kiwo da kuɗinsa yana iya jira, mai bashi a wuya kuwa gara ya sayi lokaci. Waɗannan za su fara ƙwai tsakanin mako 18 da 20, su kankama wajen mako 24 zuwa 26. Dalilin neman ɗagawar wata 3 ke nan.

Lissafin wata ɗaya bayan kajin sun kankama

Kazar ƙwai tana cin kimanin giram 115 a rana. Kaji 1,000 za su ci kilo 115, wato buhu 138 a wata. A littafina na wata 12 da suka wuce, buhu ɗaya ya tsaya a kan kiret 3, sai ɗan hawa da sauka. Abinci ke nan kiret 414.

Wajen ƙwai na rage hannu da gangan. Na ƙirga kaji 950 kawai saboda mace-mace, alhali abincin na ƙirga shi a kan 1,000. Irin waɗannan kaji suna haura kashi 90 a ganiyarsu, amma na yi lissafi da 80, domin bashin ya fi ganiyar tsawo. Hakan ya ba da ƙwai 760 a rana. In an cire fasassu, kiret 25 ke nan a rana, kiret 750 a wata.

Daga 750, abinci ya ɗauke 414. Albashin ma'aikata biyu, magani, garin katako, kiret na takarda da kuɗin kai kaya sun ɗauke 90. Sai 70 da nake warewa kowane wata don sayen kajin da za su maye gurbin waɗannan. Masu kiwo da yawa ba sa ware wannan, sai kaji sun tsufa a ga ɗaki ya zama kango. Abin da ya rage kiret 176.

Idan abin da banki zai ɗora a kan rancen gaba ɗaya ya kai kashi 25 cikin 100, bashin ya zama kiret 2,250, biyan wata kuma kiret 107. Saura 69. Wato abin da gonar ke bari ya ninka biyan wata sau ɗaya da rabi da ɗoriya. Kuɗin takin kaji, wanda manoma ke saye duk lokacin da aka kwashe shimfiɗa, ban sa shi a lissafin ba.

Abin da zai iya ɓata lissafin

Na gwada lissafin ta fuska biyu. Idan ƙwai ya sauka zuwa kashi 73, ko buhun abinci ya hau zuwa kiret uku da rabi, rarar 69 ɗin ta ƙare, amma biyan banki yana fita. Idan biyun suka haɗu a wata ɗaya sai an taɓa ajiya. Shi ya sa daga cikin 69 zan riƙa barin 50 a asusun gonar, inda banki zai iya ganinsu, 19 kawai zan ɗauka.

Inda na fi sa ido shi ne wata na 14 zuwa na 16. A lokacin kaji 700 ɗin za su kai mako 76, ƙwansu ya ja baya, a sayar da su ga masu yanka a kawo sababbi, waɗanda su ma sai sun yi makonni suna ci kafin su biya kansu. Tsohuwar kaza tana dawo da kimanin kiret ɗaya da ɗan ƙari, sabuwa tana cin biyu, kuma wannan giɓin ne kiret 70 na kowane wata ke cikewa. Zan sauya su kashi biyu, 350 a fara, 350 bayan mako 6, don kada ƙwai ya yanke gaba ɗaya. Kafin lokacin ajiyar 50 ɗin ta kai kiret 550, ta isa biyan wata biyu da mafi yawan abincin sababbin. Su kuwa 300 na yanzu za a sauya su tun a wata na 8, saboda haka suna tsakiyar ƙwansu sa'ad da ake sauya 700 ɗin.

Sai cuta. Ba zan karɓi kajin ba sai da takardar rigakafinsu ta Marek da Gumboro da Niyukasil, kuma ta Niyukasil za a ci gaba da maimaita ta bisa jadawalin likita. Murar tsuntsaye ba ta da magani, tsare ƙofa ne kawai: ba mai shiga ɗakin kaji sai mu masu aiki, akwai ruwan magani na tsoma ƙafa a bakin kowace ƙofa, an sa raga ta hana tsuntsayen waje shiga, masu saye kuma a bakin gona suke karɓar kaya. Kiret ɗin takarda da ya fita ba ya dawowa ciki. Sababbin kaji da tsofaffi ba sa haɗa ɗaki ko mazubi. Zan kuma yi wa kajin inshora kafin su iso, takardar ta ambaci banki a matsayin wanda za a fara biya.

Zafi da duhu su ma suna rage ƙwai. Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abin da take ci, fiye da haka in ana zafi, kuma tana bukatar haske na awa 16 a rana. Tankin da fitilun sola saboda haka suke cikin lissafi.

Jingina da biya

Na ba da takardar mallakar filin gonar da gine-ginen da ke kansa a matsayin jingina, kuma mutum biyu masu asusu a wannan banki sun sa hannu sun tsaya mini. Banki zai riƙa cire biyansa daga asusun gonar ranar 5 ga kowane wata, daga wata na 4. Zan kawo kwafin littafin gona duk bayan wata 3, kuma jami'inku yana iya zuwa duba gonar duk ranar da ya so, sai dai zai tsoma ƙafa a ruwan magani kamar kowa.

Na haɗa da takardar rajista, bayanin asusu na wata 12, kwafin littafin gona, takardun gidan burodi da makarantar, da takardar farashi daga mai sayar da kajin.

Naku,
Mai gonar