Jarka Nawa?

Ranar Laraba da la'asar aka kawo rahoton shekara daga maɗaba'a, kwali uku. Aikin Sabi'u shi ne ya zura kowane a ambulan, ya rubuta sunan mai hannun jari. Ya daɗe yana akawu a wannan kamfanin man gyaɗa da ke Sharaɗa, duk jarkar da za ta fita ƙofa sai ta bi ta littafinsa.

Yana cikin zurawa sai guda ya buɗe a shafi na shida. Zane ne mai sanduna huɗu koraye, kowace ta ɗara ta bayanta tsayi, kamar matakalar bene. A sama an rubuta "Cinikinmu, 2021 zuwa 2024". Naira biliyan 1.2 a farko, biliyan 2.17 a ƙarshe.

Ya ɗaga kai ya leƙa taga. 'Yan dako na dara a gindin darbejiya, ga mota ɗaya tal tana jiran lodi. A da, motocin 'yan Kasuwar Singa har titi suke layi. Injin matsa na biyu kuwa tun azumin bara aka lulluɓe shi da tamfol.

Bayan an tashi, ya jawo littattafan sito guda huɗu daga kabad, ya ɗauki kalkuleta. Jarka mai lita 25 yake ƙirgawa, ba naira ba. A 2021 an fitar da 48,000. Shekarar da ta biyo baya, 43,000. Sai 37,000. Bara, 31,000. Ya sake lissafin, amsar ba ta canja ba. Jarkar da suka sayar dubu 25 ita ce ta koma dubu 70, musamman bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023. Kuɗi ne suka kumbura, kaya kuwa sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Da safe ya shiga wurin Manaja da takardarsa.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da na gani a shafi na shida."

Manaja ya duba takardar, bai ko taɓa ta ba. "Malam Sabi'u, akwai lambar ƙarya a zanen nan?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Masu binciken kuɗi sun sa hannu?"

"Sun sa."

"To, me ya rage?" Ya cire tabarau ya murza ido. "Wata mai zuwa banki zai duba bashinmu. In suka ga sanduna na gangarowa, wa zai ba mu kuɗin sayen gyaɗa da kaka? Mutum tamanin ke cin abinci a nan, har da kai. Je ka ƙarasa ambulan ɗinka."

Ba mugu ba ne Manaja, shi ya sa maganar ta yi wa Sabi'u nauyi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tuna kuɗin makarantar yara, ya ci gaba da rubuta sunaye.

Ambulan ɗaya ce ba a ba ɗan aike: ta Hajiya Babba, matar marigayin da ya kafa kamfanin. Bisa al'ada, akawu ke kai mata har gida. Ba ta yi boko ba, amma da tuyar ƙuliƙuli da kwalbar mai ta tara jarin da mijinta ya sayi injin farko.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta buɗe rahoton, ta tsaya a zanen.

"Wannan fa?"

"Ciniki ne, Hajiya. Yana nuna kuɗin sun ƙaru."

"Kuɗi ai ko mai ƙosai ta ƙofar gidan nan nata sun ƙaru, amma wakenta bai ƙaru ba. Jarka nawa kuka sayar?"

Sabi'u ya yi shiru.

"Ɗan nan, ba kai ke rubutawa ba?"

"Ni ne, Hajiya."

"To jarka nawa?"

Ya faɗa mata, shekara bayan shekara, bai ko ciro takardar ba. Tana saurare tana lanƙwasa yatsu. Da ya zo kan 31,000 ta rufe rahoton ta tura shi ƙarƙashin darduma.

"Ranar Asabar ka zo min da littafin nan wurin taro."

"Hajiya, littafin sito ba ya fita daga ofis. Doka ce tun zamanin Alhaji. Taron kuma a otal za a yi."

"Na san dokar, ni na sa shi ya kafa ta." Ta juya ta ƙwala wa jikarta kira. "Ke Ummi, kira min Manaja. Ki ce masa a fasa otal, a jera kujeru a sito."