Jawabi kan Sauyin Yanayi da Noma: Na Manoma da na Manyan Jami'an Gwamnati

Na farko: ga manoma, a ƙofar gidan Bulama, a wani ƙauye na ƙasar Gumel, cikin watan Afrilu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Bulama, Allah ya gafarta Malam Liman, iyayena da 'yan'uwana, ina yi muku barka da war haka.

Babu wanda zai koya muku cewa damina ta sauya hali, domin ku ne kuke yin binne, ruwan farko ya sauka, gero ya tsiro, sannan sama ta ɗauke har mako biyu ko uku, shuka ta ƙone, mutum ya koma neman irin da zai sake shukawa alhali rumbu ya riga ya yi ƙasa. Dattawan da ke zaune a nan sun ga farin 1973 da na 1984, amma abin da ke damunmu yanzu shi ne rashin tabbas: ruwa ya makara, ya yanke a tsakiya, ko kuma ya zubo a kwana ɗaya fiye da abin da ƙasa za ta iya sha.

Roƙona na farko shi ne kada mu zuba irinmu duka a ruwan farko. A jira ƙasa ta jiƙe sosai, a tona a ga laima ta kai zurfin tafin hannu, kuma a ajiye wani kaso na iri saboda maimai. Ga wanda ya samu geron SOSAT, wanda yake nuna cikin kimanin kwana 90, ya ba shi wani ɓangare na gonarsa tare da wake mai saurin nuna, ba tare da ya watsar da irin da ya gada ba.

Sai maganar sassabe, wadda ta fi damuna. Idan kuka zo share gona bana, kada ku tumɓuke tohon gawo da kalgo da sabara. Ku zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ku bari, ku sare sauran. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, kuma kun san yadda amfani yake kyau a gindinsa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da wannan sassaben zamani suka farfaɗo da gonakinsu, kuma masu zuwa kasuwar Maigatari za su iya tambayarsu baki da baki. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Na biyu: ga kwamishinoni da manyan sakatarori, a zauren taro a Dutse

Masu girma kwamishinoni, manyan sakatarori da daraktoci, ina godiya da wannan dama.

Babbar buƙatata ita ce a daidaita lokacin sakin kuɗin aikin gona da kalandar damina. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi na shekara tun farkon shekara, tare da kiyasin lokacin faɗuwar damina da tsawonta, sai dai wannan bayani ba shi da amfani ga manomi matuƙar bai isa gare shi da harshensa ba kafin ya yi shuka, haka kuma ingantaccen irin da ya iso a watan Yuli ya riga ya rasa dalilin sayensa, komai yawan kuɗin da aka kashe.

Jiharmu tana fuskantar barazana ta fuska biyu, wato kwararowar hamada a ƙananan hukumomin arewa da kuma ambaliya a kwarin Haɗejiya, kamar yadda muka gani a 2022. Hanyoyin samun kuɗi kuwa akwai su, domin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar noma da jure sauyin yanayi, mai dala miliyan 700, ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma muna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi. A Jamhuriyar Nijar, renon tohon itatuwa a gonaki ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, kuma a ganina abin da ya fi taimakawa shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya rena nasa ne.

Saboda haka ina roƙon a saki kuɗin iri kafin ƙarshen Maris, a fassara hasashen kowace ƙaramar hukuma zuwa Hausa da Fulatanci a watsa a rediyo, a ba malaman gona babura da man zirga-zirga, sannan a fitar da umarni a rubuce da zai tabbatar wa manomi mallakar itacen gonarsa. Ina fatan wannan zama zai sanya wa kowane ɗayansu ranar aiwatarwa da ofishin da zai ɗauki alhakinsa. Na gode.