Takardar Tambayoyi Kan Daftari Na Huɗu Na Yarjejeniyar Masu Hannun Jari

Zuwa ga: Barista, mai kula da fayil ɗin
Daga: ƙaramar lauya mai duba daftari
Kwanan wata: Talata, 14 ga Oktoba, 2025
Fayil: kamfanin casar shinkafa na Sharaɗa, Kano (shafi 62, da jadawali huɗu)

Ranka ya daɗe, na gama karanta daftarin. Kurakuran buga rubutu da lambobin shafi na gyara su da jan biro a jikin kwafen da ke kan teburinka. Waɗanda na kawo a nan kuwa ban taɓa su ba, domin kowanne sai an zaɓi ma'ana ɗaya a cikin biyu, kuma zaɓin ba nawa ba ne. Ban bi lambar sashe ba, na fara da waɗanda suka fi nauyi.

1. Sashe na 9.2 da Jadawali na 2. Sashen ya ce ba za a zartar da keɓaɓɓun al'amura ba, irin su cin bashi sama da naira miliyan 50 ko ƙara hannun jari, sai da yardar masu riƙe da fiye da kashi 75 cikin 100. Kan Jadawali na 2 kuma an rubuta aƙalla kashi 75. A wata yarjejeniyar wannan ba zai dame ni ba, amma a nan Alhaji yana da kashi 55, Hajiya 25, mai zuba jarin 20. Idan Alhaji da mai zuba jarin suka haɗa kai, 75 ne cif. In aka bi jadawalin, su biyun za su iya cin bashi ko ƙara hannun jari ba tare da an ji ta bakin Hajiya ba. In aka bi sashen, ba abin da zai wuce sai ta yarda. Na ga a bayanan zaman da aka yi ranar 2 ga wata an rubuta cewa Hajiya ta nemi kariya, amma ba a rubuta ko an amince mata ba. Ina zargin aƙalla ɗin ya biyo tsarin ƙuduri na musamman ne a dokar CAMA ta 2020, mai buƙatar kashi uku cikin huɗu, sai dai can ƙuri'un da aka kaɗa ake ƙirgawa, nan kuwa duka hannun jarin. Wanne aka yi nufi? A ganina gara a kira ɓangarorin a tambaye su baki da baki kafin a sa hannu.

2. Sashe na 3.1 da Jadawali na 1. Sashen ya ce jimillar hannun jari miliyan 10 ne, kowanne naira ɗaya. A jadawalin an ba mai zuba jarin 2,500,000, amma a gefe an rubuta kashi 20. Idan aka tara sai a sami 10,500,000. Ina jin 2,000,000 ake nufi, to amma idan 2,500,000 ɗin ne gaskiya, duk lissafin da na yi a tambaya ta 1 ya rushe. A ba ni izini in gwada da abin da ke rajistar CAC. Har ila yau sashen yana maganar hannun jarin da aka ba kamfani izinin fitarwa, alhali dokar 2020 ta koma kan wanda aka fitar. Wannan saura ne daga tsohon samfuri.

3. Sashe na 12.2(b) da na 17.1, idan mai hannun jari ya rasu. Na farkon ya yarda hannun jari ya koma ga iyali ba tare da an fara yi wa sauran tayi ba, kuma ya ambaci magada ƙarara. Na biyun ya lissafa rasuwa cikin abubuwan da ke wajabta a sayar wa sauran abokan tarayya cikin kwana 90. Ba yadda za a yi duka biyun su yi aiki. Ga kuma ma'anar iyali a sashe na 1.1, wadda ta tsaya ga mata ɗaya da 'ya'ya. Alhaji yana da mata fiye da ɗaya, kuma a rabon gado na Musulunci iyaye ma suna da kasonsu. Shin a bar magada su shigo kamfanin, ko a biya su kuɗi? In shigowa za su yi, wa zai kaɗa ƙuri'a a madadinsu kafin a gama rabo? Ban ga inda aka faɗa ba.

4. Sashe na 13.3 da na 13.5. Wa'adin karɓar tayin sayen hannun jari kwana 30 ne a ɗaya, ranakun aiki 21 a ɗayan. Kusan ɗaya ne, amma a watan salla ba za su faɗo rana ɗaya ba. Ma'anar ranar aiki kuma ta ce ranar da bankuna ke buɗe a Legas. Duk ɓangarorin a Kano suke. In mayar da shi Kano?

5. Sashe na 14.2 ya ce a ƙayyade farashin adalci kamar yadda sashe na 14.6 ya tanada. Babu 14.6, sashen ya ƙare a 14.4. Na duba daftari na uku, can akwai shi, kuma ya ce mai binciken asusun kamfanin ne zai yi ƙiyasin. Sashe na 17.3 kuwa mai ƙiyasi mai zaman kansa ya ambata. Ko cire 14.6 aka yi da gangan, ko ɓacewa ya yi wajen haɗa gyare-gyare?

6. Sashe na 15.1, inda mai rinjaye zai iya tilasta wa sauran su sayar tare da shi. Ba a faɗi abin da rinjaye yake nufi ba. In fiye da rabi ne, Alhaji shi kaɗai zai iya sayar da kamfanin gaba ɗaya, alhali sayar da kamfanin yana cikin keɓaɓɓun al'amura na Jadawali na 2, lamba ta 7.

7. Sashe na 10.1 ya ce za a raba kashi 40 na riba kowace shekara. Kafin haraji ko bayansa? Doka dai ba ta yarda a raba komai ba sai daga ribar da ta halatta a raba, don haka ina ba da shawarar a ce haka.

8. Sashe na 24 ya tura duk saɓani ga masu sulhu a ƙarƙashin tsohuwar dokar sulhu, Babi na A18 na dokokin tarayya na 2004. An soke ta, dokar 2023 ce ta maye gurbinta. Sai kuma sashe na 25.2 ya ba Babbar Kotun Jihar Kano hurumi ita kaɗai. Ban da karo da yake yi da sashe na 24, ina tunanin sashe na 251(1)(e) na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba Babbar Kotun Tarayya abin da ya shafi gudanar da kamfani a ƙarƙashin CAMA. Kai ka fi ni sanin inda kotuna suka ja layin.

Ƙananan abubuwa uku da ba su kai a ba su lamba ba: an yi ma'anar ranar kammalawa amma ba a yi amfani da ita ko'ina ba, sashe na 8.1 ya ce daraktoci biyar, sunaye huɗu ne a Jadawali na 3. Shafin sa hannun Hajiya ba shi da wurin shaida, na sauran biyun suna da shi.

An sa ranar Juma'a, 17 ga wata, bayan an sauko daga masallaci domin sa hannu. Idan na sami amsar 4 zuwa 8 gobe da safe, zan shigar da su kafin azahar. Na 1, 2 da 3 ba na jin za su warware ba tare da an yi magana da Alhaji da Hajiya ba, kuma sakatarenka ya ce Alhaji zai tafi Abuja ranar Alhamis. In tanadi wasiƙar ɗage ranar, ko in dakata tukuna?

Na gode, ranka ya daɗe.