Wasiƙar Koke Kan Jinkirin Intanet da Neman a Turo Injiniya

Aboabo No. 2,
Kumasi.
15 ga Satumba, 2025

Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,
Ofishin Kumasi.

Yallaɓai,

KOKE KAN JINKIRIN INTANET, LAMBAR ASUSU 40718263

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan layin faiba da kuka saka mini a shagona na buga takardu da cike fom a Aboabo. Ina kan tsarin 50 Mbps, ina biyan sidi 450 duk wata ta MoMo, kuma ba ku bina ko fesuwa ɗaya. Amma tun ƙarshen Agusta abin da nake samu bai kai kashi ɗaya bisa biyar na abin da nake biya ba.

Duk sanda na kira, amsar ɗaya ce: in kashe rauta, in jira, in kunna. An ba ni lambar koke 55192 ranar 2 ga Satumba, washegari saƙo ya shigo wai an gyara, alhali ko ƙeyar ma'aikacinku ban gani ba. Shi ya sa na zauna na yi gwaji da kaina.

Na kashe Wi-Fi gaba ɗaya, na haɗa kwamfuta ɗaya tal da rauta da igiya, don kada a ce yaran unguwa ne ke jan layin ko bango ne ya tare. Ga abin da speedtest.net ya nuna:

Talata 9 ga Satumba, ƙarfe 6:30 na safe: saukewa 7.8 Mbps, ɗorawa 2.1 Mbps.
Alhamis 11 ga Satumba, ƙarfe 1:15 na rana: saukewa 6.4 Mbps, ɗorawa 1.6 Mbps.
Asabar 13 ga Satumba, ƙarfe 8:40 na dare, ana ruwa: saukewa 2.9 Mbps, ɗorawa 0.7 Mbps.

Na maimaita a fast.com, bambancin bai taka kara ya karya ba. A lura da gwajin Talata: da a ce cunkoson jama'a ne, da safe irin wannan ai layin ya kamata ya sake. Bai sake ba.

Ranar Asabar ɗin na ƙara da wannan:

```
ping -n 100 8.8.8.8
Packets: Sent = 100, Received = 86, Lost = 14 (14% loss)
```

Da na yi wa rautar kanta irin wannan gwaji a 192.168.100.1, ko ɗaya bai ɓace ba. Ke nan tsakanin kwamfutata da rauta lafiya lau, matsalar daga rauta zuwa waje take.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin hasken da ke isowa. A takardar da injiniyanku ya bar mini ranar da aka saka layin, ya rubuta -19 dBm. Yanzu shafin rauta yana nuna Rx Optical Power tsakanin -28 da -29 dBm, kuma idan aka yi ruwa fitilar LOS takan yi ja na ɗan lokaci. Ni ba injiniya ba ne, amma ido ba mudu ba, ya san kima. Akwatinku da ke kan turken lantarki a bakin layinmu murfinsa a buɗe yake yana lilo, igiyar da ta taho shagona kuma ta lanƙwashe sosai a gefen kwanon maƙwabcina tun wata iska da aka yi. Irin wannan ba a gyara shi ta waya.

Ga kuma asara. Wanda ya zo cike fom ɗin fasfo sai ya zauna hoto ɗaya ya ƙi hawa har shafin ya rufe, mu koma farko. Jiya wata Hajiya ta gaji da jira, ta tattara takardunta ta tafi Asawase. Dole nake sayen data a waya don in sallami mutane, biya biyu ke nan. Ga shi lokacin duba makarantun da aka tura yara bayan BECE ya matso, lokacin da shagon ke cika da iyaye.

Don haka ina roƙon a turo injiniya nan da Juma'a, 19 ga Satumba, ya zo da na'urar auna haske, ya duba layin tun daga turke har cikin shago, ya sake haɗin ko ya canza igiyar, mu yi gwajin tare kafin a rufe koken. Ina kuma neman a rage mini kuɗin wata mai zuwa daidai da lokacin da na yi ba cikakken layi. Idan Juma'a ta wuce shiru, zan kai koken gaban hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, da waɗannan hujjoji.

Ina shago daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, ban da lokacin sallar Juma'a. A kira ni a lambar da ke kan asusuna. Hotunan gwaje-gwajen, da na akwatin, da rasidin biya suna haɗe da wannan wasiƙa.

Na gode.

Naku,
Abdul-Rahman Issaka