Neman shawara kan aikin farawa da takardar izinin aiki a Kanada

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Injiniya.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin Ottawa ya zo muku da sauƙi. Na samu lambarka ne a zauren tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, inda na ga ka yi wa ƙannenka iznin tuntuɓarka. Ba mu taɓa zama tare ba, domin ka riga ni fita da shekara biyar, amma sashe ɗaya muka yi, wato na wutar lantarki, kuma na kammala lisans a 2021.

Tun daga lokacin ina aiki da wani ɗan kwangila a nan Maraɗi, muna kafa faifan hasken rana da famfunan rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Dakoro. Ni nake lissafin ƙarfin da famfo yake bukata, in haɗa waya, in koma gyara idan ya tsaya. Na iya aikin, ina kuma son sa, sai dai da damina ta faɗi kwangila takan ɗauke, har mu yi wata uku babu abin da ya shigo, alhali ni ne babba a gidanmu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, a watan jiya wani mutum ya zo shagonmu da wata takarda mai tambarin ganyen nan na tutar Kanada, ya ce in na ba shi miliyan ɗaya da rabi na sefa zai samo mini aiki da biza. Da mahaifiyata ta ji, sai ta ce a sayar da shanun huɗarmu guda biyu a cika kuɗin. Na roƙe ta ta dakata, domin na karanta cewa kuɗin takardar EIMT, wato shaidar gwamnatin Kanada da ke ba kamfani damar ɗaukar ma'aikaci daga waje, dalar Kanada 1,000, mai ɗaukar ma'aikaci ne yake biya, kuma doka ta hana shi karɓar su daga hannun ma'aikacin. Ban ba mutumin ko dala ba, amma ina so in ji gaskiyar lamarin daga bakin wanda ya bi hanyar da ƙafarsa.

Tambayata ta farko kan irin aikin ce. Na fahimci cewa a jihar Ontario mutum ba ya kiran kansa injiniya ko ya yi aikin haɗa wutar gidaje sai da lasisin can, don haka ban sa rai da babban muƙami ba. Wane aiki ne mai takarda irin tawa yake farawa da shi, mataimakin mai kafa faifan hasken rana ne, ko mai kula da injuna a masana'anta? Kuma da wane suna ake tallata waɗannan guraben a Job Bank, shafin neman aiki na gwamnatin Kanada, domin in daina nema a makance?

Ta biyu ita ce ta fi damuna. Na ga akwai tsarin Mobilité francophone, wanda yake bai wa kamfani damar ɗaukar mai jin Faransanci ya yi aiki a wajen Kebek ba tare da EIMT ba, kamfanin ya biya dalar Kanada 230 kawai, kuma tun 2023 matakin harshe na NCLC 5 ya wadatar. A rubuce abin yana da sauƙi. Amma a zahiri, Yaya, ka taɓa ganin kamfanin da ya ɗauki ɗan farawa tun yana Nijar, ya haƙura ya jira fitowar takardunsa? Ko kuwa sun fi son wanda ya riga ya shiga ƙasar? Idan hanyar neman zama na dindindin ta Entrée express ce ta fi dacewa da ni, ko da za ta ɗauki shekara biyu, na fi son ka faɗa mini ba tare da sakaya ba.

Ina kuma son sanin abin da ya kamata in fara kashe wa kuɗi, jarrabawar Faransanci ta TCF Canada ko tantance takardar lisans ta hanyar WES, cibiyar da ke auna takardun karatun waje da na Kanada, domin ba zan iya ɗaukar nauyin biyun a lokaci guda ba. Faransancina ba shi da matsala. Ingilishi ne nake karantawa in gane, amma magana tana yi mini nauyi.

Ba kuɗi nake roƙo ba, kuma ba na so ka ɗauki alhakin da zai taɓa zamanka a can. Idan ka amince, zan turo maka takardar tarihin karatuna da aikina ka duba ko ta dace da tsarinsu, tare da hotunan famfo biyu da na kafa. Ofishinmu yakan tashi da la'asar, saboda haka ko wane lokaci bayan sallar isha'i ta nan ya yi mini, in har bai ci karo da aikinka ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. A gaida iyali.

Ƙaninka,
daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi