Saƙo ga ƙanena kafin in kama hanyar Kano

Assalamu alaikum ƙanena. Gobe bayan asuba zan tafi Kano sarin kaya, shagon Mabera yana hannunka har in dawo. Abu guda ne ya tsaya mani a rai, shi ne sabis ɗin nan da ke ɗaukewa ana tsakiyar cirar kuɗin mutum. Ka karanta wanga saƙo da natsuwa.

Na bar maka ƙaramar wayata cikin aljihun tebur, da data a ciki. Layinta ba na kamfanin da ke cikin rautar da ke ba shagon intanet ba ne, kuma da gangan na yi haka, don in sabis ɗin ɗaya ya faɗi ɗayan ya riƙe mu. Na riga na haɗa ta da na'urar POS, ta san sunan da lambar sirrin. In ka ga POS tana ta juyawa ba ta fitar da rasit ba, ka kunna `Hotspot` a wayar, ka shiga `Wi-Fi` na POS ka zaɓi sunan wayar. Kada ka taɓa saitin wayar. Na bar ta kan `2.4 GHz` saboda POS ɗinmu ba ta ganin `5 GHz`, na kuma kashe abin da ke rufe hotsifot da kansa in an jima ba a yi amfani da shi ba. Ka bar ta a caji, don hotsifot na shan batir, amma nesa da rana. Kada kuma ka amsa kira da ita ana cikin biya, kira na iya yanke data.

Yanzu ga babbar maganar: in ciniki ya tsaya a tsakiya, kada ka sake sa katin mutum sai ka duba tarihin ciniki a POS. In ta nuna `Approved`, kuɗi sun shigo, ba shi kayansa ko da takarda ba ta fito ba. In ta nuna `Declined` amma shi ya ga alat an cire mashi, to kuɗinsa ba su iso gare mu ba, suna tsakanin bankuna. Ka fitar mashi da rasit ɗin, ka rubuta lokaci da adadi a littafi, ka gaya mashi cikin mutunci ya kai wa bankinsa in ba su dawo ba. Tun 2020 CBN ya ba bankuna awa 72 su warware irin wannan. Mutumin da aka cire wa dubu goma bai karɓi ko sabulu ba yana da haƙƙin ransa ya ɓaci, musamman dattawa da matan da aka aiko. Ba shi kujera da ruwa, kada ka yi musu da shi. In ka ga lamba `91`, bankin mai katin ne bai amsa ba, hotsifot ba zai yi maganinsa ba. Mai tiransifa kuma, sai ka ga kuɗin a asusunmu, hoton wayarsa bai isa ba.

Amma hotsifot ɗin nan riƙon ƙwarya ne, so nake a gano ainihin ciwon. Don haka kafin ka sauya, ɗaga kai ka dubi rautar. In fitilunta duk sun mutu sun sake kunnuwa, sunanta ma ya ɓace daga POS, to kashe kanta take yi, kuma zargina cajarta ce ko lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareto. In fitilu na nan, POS na haɗe da ita amma ba intanet, to matsalar daga layin ce ko turken sabis na unguwa.

Ni dai na fi zargin zafi. Na lura tsakanin azahar da la'asar abin ya fi yawa, ga rautar can sama dab da kwano, a wannan bazara da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Jiya na taɓa ta, da ƙyar na iya riƙe ta. Na sauko da ita kusa da fanka, sai ka lura ko an samu sauƙi. Duk sanda ta yanke ka rubuta ƙarfe nawa, wace wuta ake kai, da yadda fitilun suke.

Mai gyara ya ce zai zo ranar Asabar bayan la'asar da wata caja ya gwada. Nuna mashi littafin, kuma kada ka yarda a sayi sabuwar rauta sai mun yi waya. Ka gai da su Inna, Allah ya ba da kasuwa.